Na ce musu kyauta ne, me ya sa suke gudu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina tallata manhajar lissafin kaya ga 'yan kasuwar Singa a Kano. Wata biyu ke nan ina cewa "a gwada kyauta na wata guda", amma ko a ce "za mu neme ka", ko a karɓa a ajiye. Jarina ya kusa ƙarewa. Yaya zan tsara maganar?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka, mai yiwuwa manhajar ba ta da laifi. Kalmar "kyauta" ce ka ɗora wa kayan da ba za ta iya ɗauka ba.

Kullum sai na haɗu da wannan kuskuren, kuma masu koyar da talla na kwana biyu a zaurukan WhatsApp su ke yaɗa shi. Wai da ka cire kuɗi, ka cire tsoro. Wa ya gaya musu? Alhajin da ke sauke tirelar shinkafa ba kuɗin wata ɗaya ke hana shi barci ba. Tsoronsa kada lissafi ya rikice ranar da kasuwa ta cika, kada wani baƙo ya san cinikinsa da masu riƙe da bashinsa, sannan akwai nauyin ido: in ya ci kyautarka wata guda, da wane baki zai ce ba ya so? Gara ya ƙi tun farko. Kuma mutanenmu sun sha wuya da "kyauta". An sa musu waƙar kira a waya, bayan mako guda kati ya fara zarewa ba wanda ya tambaye su, har hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta fito da lambar 2442 a 2016 don a toshe saƙonnin tallan da ba a nema ba. Duk da haka sai ka ji wani yana koyar da yara su karɓi lambar katin banki tun ranar farko, wai in gwaji ya ƙare kuɗi ya riƙa fita da kansa, mutum bai lura ba. Wannan ha'inci ne, ko da wane suna aka ba shi, kuma yana ɓata mini rai. A Singa, in ka yi wa mutum ɗaya haka, kafin la'asar layin gaba ɗaya ya ji.

To, ka bar tallata rashin biya, ka tallata ƙanƙantar abin da za a taɓa. Ga irin saƙon da zan tura:

"Ranka ya daɗe, ina neman izini mu gwada a shago ɗaya, kan kaya iri 20 da suka fi fita, na kwana 14. Ni zan shigar da su da hannuna ranar Asabar kafin a buɗe, minti 40 ya isa. Yaro ya ci gaba da rubuta littafinsa yadda ya saba. Ba na buƙatar katin banki ko sunayen masu bashi. Ranar ƙarshe mu ƙirga katan-katan ɗin da ke sito, mu ga tsakanin littafi da manhaja wanne ya faɗi daidai. Gwajin zai tsaya da kansa a ranar. In bai yi maka ba, na buga maka lissafin a takarda, na goge komai a gabanka, ba ka da bashina. In ya yi, naira 15,000 ne a wata."

Lura da littafin nan da aka bari. Shi ne ke sa Alhaji ya amince, domin ko manhajar ta mutu ranar Laraba, cinikinsa bai tsaya ba. Farashin ma ka faɗe shi tun yau. Adadin da na sa misali ne, ka sa naka. In ka ɓoye shi, zai ƙiyasta ninki uku a ransa.

Kwana 14 ya fi wata guda a nan. Wata guda yana sa a ce "gobe ma rana ce", sati biyu kuwa ya isa a sauke kaya, a sayar, a ga giɓi in akwai.

Sai yaron shago. Alhaji ne ke cewa "to", amma yaron ke danna waya, kuma yana iya ɗauka an kawo abin kama shi ne. Ka zauna da shi, ka nuna masa cewa lissafin zai wanke shi ranar da katan ya ɓace. Ka leƙa a rana ta 3. In ba a shigar da ciniki ko ɗaya ba, gwajin ya mutu ke nan, kada ka jira ranar 14. Ka koma shagon da safe, ku shigar da cinikin farko tare.