Ma'aikatan asibiti da komawa kwamfuta: me ke kawo turjiya?

Tambaya: "Ni ce ke kula da harkokin mulki a wani asibiti mai zaman kansa. Muna shirin barin katin takarda mu koma kwamfuta nan da wata uku, amma tuni na fara jin gunaguni. Me ya sa ma'aikata ba sa son sabon tsari, kuma yaushe ya kamata in yi musu magana?"

Hajiya, gunagunin da kike ji yana nuna cewa labari ya riga ki isa wurinsu, saboda haka ki yi maganar cikin makon nan. Na daɗe ina aikin mulki a asibitoci, kuma abin da na lura shi ne kowane rukuni yana da asarar da yake hangowa, wadda ba irin ta ɗan'uwansa ba ce.

Ma'aikacin ɗakin kati, wanda darajarsa ita ce ya san inda fayil ɗin kowane majinyaci yake, yana ganin aikinsa ne zai ƙare. Babbar ma'aikaciyar jinya da ta shekara ashirin tana koyar da ƙanana tana tsoron ta zauna gaban na'ura tana laluben haruffa da yatsa ɗaya, yaran da ta horar suna kallonta, kuma ba za ta taɓa faɗa miki haka ba, sai dai ta ce tsarin yana ɓata lokaci. Likita kuwa lissafinsa na mintuna ne: idan ƙarin minti uku ya hau kan kowane majinyaci, mutum arba'in sun zama awa biyu a rana. Wannan ƙorafi na gaskiya ne, kuma bai dace a kira shi taurin kai ba.

Ki fara da shugabannin sassa, ɗaya bayan ɗaya a keɓe, kafin taron kowa da kowa, domin babba da ya ji labari lokaci guda da yaransa yakan ɗauka an raina shi. Ki bambance musu abin da aka riga aka yanke da abin da har yanzu ake neman shawararsu a kai. Komawa kwamfuta an yanke, amma sashen da za a fara da shi, da lokacin horo, da bayanan da za a cika a kowane shafi, duk a buɗe suke. Idan kika nemi shawara kan abin da aka gama, za su gane, kuma daga ranar ba za su ƙara yarda da tambayarki ba. Zancen aiki ma ki faɗe shi ƙarara: wa zai zauna, wa za a mayar wani sashe, kuma idan za a rage mutane, kada ki yi alkawarin da ba za ki cika ba.

Amfanin tuntuɓa da wuri shi ne su ne suka san inda tsarin zai tuntsure. Ki tuna rikicin malaman jami'o'i da IPPIS, tsarin kwamfuta na biyan albashin ma'aikatan gwamnatin tarayya: ƙungiyarsu ASUU ta yi ta cewa tsarin bai yi la'akari da irin aikinsu ba, kamar hutun bincike da malaman da ke koyarwa a wata jami'a na ɗan lokaci, har ta fito da nata tsarin, UTAS, kuma sai a Disamban 2023 gwamnatin tarayya ta amince a cire manyan makarantu daga IPPIS. A asibitinki tambayoyin za su kasance irin waɗannan: majinyacin da aka kawo a sume cikin dare babu mai sanin sunansa, ta yaya za a yi masa rajista? Idan wuta ta ɗauke janareta bai tashi ba, a ina za a rubuta magani, kuma wa zai shigar da shi daga baya? Duk wadda kika kasa amsawa, ki rubuta ta, ki sa ranar kawo amsa.

Ki horar da manya daban da ƙanana, ki fara da sashe ɗaya, kuma ki sanar da ranar daina takarda. Haɗa takarda da kwamfuta aiki biyu ne, don haka kada ya wuce 'yan makonni.

Shiru a wurin taro da "to, Allah ya ba da sa'a" ba amincewa ba ce. Bayan an fara, ki duba ko akwai littafin da ake ɓoyewa a durowa, ko ana tara bayanai a shigar da su gaba ɗaya a ƙarshen aiki, ko mutum huɗu suna shiga da lambar sirrin mutum ɗaya. Kowanne yana nuna wani mataki da ya yi musu nauyi, kuma tambaya ta fi takardar gargaɗi amfani a nan. Akwai dai rukunin da bayani ba zai sauya ba, wato mai samun wani abu ta rasit ɗin hannu ko ta magungunan da ba a ƙirgawa. Shi nasa maganin binciken kuɗi ne, amma ki tabbata kina da hujja kafin ki saka mutum a cikinsu, domin yawancin masu jan ƙafa tsoro ne ke damunsu.