Tarif da kota: shin ya halatta in ƙara kuɗin kayana?

Tambaya: Salamu alaikum Malam, ina sayar da kayan masarufi a kasuwar Sheikh Gumi nan Kaduna. Kullum a labarai sai a ce tarif, sai a ce kota, kuma da an faɗa kaya su tashi. Meye bambancinsu, kuma in na ƙara kuɗi saboda su na ci haram?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Tarif shi ne harajin da kwastam ke karɓa kan kayan da aka shigo da su, kota kuma iyaka ce, a ce iya kaza za a shigo da shi a shekara kuma sai mai lasisi, kamar yadda ake raba wa manyan kamfanoni kason ɗanyen suga a Najeriya.

Mu ƙaddara buhu ya iso tashar ruwa a kan naira 40,000, aka sa tarif kashi 20 cikin ɗari, to 8,000 ta hau ya zama 48,000 kafin kuɗin mota zuwa Kaduna, kuma 8,000 ɗin baitulmali ta shiga. In buhun ya sauko 30,000 a waje harajin ya koma 6,000, ka ga mai saye ma zai ji sauƙi. Amma in kota ce, an yarda da buhu 1,000 alhali gari na neman 1,500, ƙarancin ne zai tura farashi, mu ce har 55,000, kuma rarar 15,000 ɗin nan aljihun mai lasisi take tafiya sai dai in gwamnati sayar da lasisin ta yi, kuma ko da kaya sun karye a waje, a nan ba lallai su motsa ba don ba mai ikon ƙaro buhu ko ɗaya. Shi ya sa ni kota ta fi tayar min da hankali wallahi.

To hukunci. Harajin da aka biya da gaske yana cikin uwar kuɗi, ka ɗora shi ka sa ribarka, halal ne. Tsohon kayan da ka sara kafin ƙarin ma za ka iya sayarwa a farashin yau tunda da shi za ka sake saro wani, amma ka ce wa kwastoma "diyuti na biya" alhali ba ka biya ba, wannan ƙarya ce kuma haram ce.

Shi kuwa mai kota, ribarsa halal ce in ba da cin hanci ya samu lasisin ba. Amma ya kulle kayan a sito mutane na nema don ya jira su ƙara tsada, wannan ihtikari ne, ya tabbata a Sahih Muslim cewa ba mai yinsa sai mai saɓo, kuma wajen Imamu Malik ba abinci kaɗai ba ne, duk kayan da ɓoye su zai cutar da kasuwa ya shiga. Kai ma in ka saya wajensa ka ɓoye hukuncin ya hau kanka. Wallahu a'alam.