Injin ƙyanƙyasa da ya manta zafinsa

"Oga, injin ƙyanƙyasar ƙwan da na haɗa wa wata Hajiya a Bukuru ya dafa mata ƙwai kiret uku. An ɗauke wuta da dare, da aka dawo da ita sai allon ya nuna zafin da aka saita 6539.9 maimakon 37.5, hita kuma ta ƙi mutuwa. ATmega328P na sa, kuma kowane minti ina rubuta zafi da lissafin mintuna a EEPROM don kada su ɓata. A ina na kuskure?"

Yarona, sannu da wannan asara. Ka je ka ba Hajiya haƙuri da bakinka, maganar kuɗin ƙwai kuma za mu zauna a kanta. Yanzu jawo kujera, domin lambar nan da ka gani a allo ta riga ta faɗa mana abin da ya faru.

Kana ajiye 37.5 ne a matsayin 375, wato bayit biyu, `0x01` da `0x77`. Idan ayisin nan zai rubuta bayit ɗaya, sai ya fara goge gurbin ya koma `0xFF`, sannan ya zuba sabon abu a ciki, kuma aikin yana cin kusan milisakan 3.3. A idonka wannan ba komai ba ne, amma wuta tana iya tafiya a daidai tsakanin gogewa da zubawa. Ta tafi lokacin da aka goge `0x01` ba a mayar ba, sai ya zama kana da `0xFF77`. Ka juya shi zuwa lissafinmu, 65399 ne. Ka sa ɗigo kafin lambar ƙarshe, ga 6539.9 ɗinka. Injin bai haukace ba. An ce masa ya kai zafi digiri dubu shida da wani abu, shi kuma ya kunna hita yana ta ƙoƙari har gari ya waye.

Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne 375 ɗin nan ba ta canja ba tun ranar da ka saita ta. Kai ne kake goge ta kana sake rubuta ta kowane minti da `EEPROM.write()`, sau 1,440 a rana, kuma a kowane karo akwai ɗan lokacin da babu ita a ko'ina a duniya. Da `EEPROM.update()` ko `EEPROM.put()` ka yi amfani, da sun duba sun ga abin da ke ciki daidai yake, sun ƙyale shi. Wannan gyara ne na layi ɗaya, ka yi shi yau. Sai dai ba zai raba ka da matsalar ba, domin lissafin mintuna dole ya canja, kuma wata rana Hajiya za ta danna maɓalli ta canja zafi a daidai lokacin da Nepa za ta yi halinta.

Akwai kuma ciwo na biyu da bai riga ya bayyana ba. Masu ƙera ayisin sun ba da tabbacin rubutu sau 100,000 a kowane gurbi na EEPROM. Rubutu kowane minti a gurbi ɗaya zai cinye wannan cikin kwana 69. Ƙwan kaza kwana 21 yake yi, ka ga ke nan ƙyanƙyasa uku da 'yan kwanaki, ka fita daga inda aka yi maka alkawari. Sau da yawa gurbin yakan wuce wannan adadi yana aiki, shi ya sa yara suke raina maganar. Amma idan ya fara gajiya ba ya sanarwa. Za ka rubuta abu, ka karanta ka ga wani abu dabam, ko ya riƙe yau ya saki bayan sati. Ni ma na taɓa yin wannan a na'urar kunna famfon rijiyar burtsatse, ina ƙirga awannin aiki. Wata biyar lafiya lau, sannan lissafin ya fara tsalle. Na canja kafasita, na canja regileta, na zargi waya, sai daga baya na gane gurbi biyu ne kawai na kashe da hannuna, sauran dubu da ashirin da biyu suna nan sababbi fil ban taɓa su ba.

Maganin ciwon biyu ɗaya ne, kuma shi nake so ka riƙe: kada ka taɓa yin rubutu a kan kwafin da kake dogaro da shi. Ba a zubar da ruwan tulu don an ga hadari. Ka lura da yadda mai shago a Terminus yake riƙe littafin bashi. Idan ka biya wani abu, ba ya goge tsohon layi, sai ya sauka ƙasa ya rubuta sabon saura. Ko biro ya ƙare masa a tsakiyar layi, na sama yana nan. Haka za ka yi da EEPROM.

Ka tattara duk abin da kake ajiyewa ya zama layi ɗaya mai bayit takwas:

```c
struct Layi {
  uint16_t lamba;
  uint16_t zafi;
  uint16_t minti;
  uint16_t crc;
};
```

Ayisinka yana da bayit 1,024, wato layi 128. Duk lokacin da za ka ajiye, ka ƙara ɗaya a kan `lamba`, ka rubuta a layi na gaba, in ka kai na ƙarshe ka zagayo na farko. `minti` zai ishe ka, domin kwana 21 minti 30,240 ne, bayit biyu suna ɗauka. Shi kuwa `crc` hatimi ne da ake lissafawa daga bayit shida na farko, kuma shi ake rubutawa a ƙarshe. Ba sai ka ƙirƙiro lissafin ba, akwai `_crc16_update()` a cikin `util/crc16.h`. Ka fara shi daga `0xFFFF`, domin idan ka fara daga sifili, layin da ya zama sifili gaba ɗaya zai wuce a matsayin mai kyau.

Idan injin ya tashi, sai ya bi layukan nan 128 ɗaya bayan ɗaya. Wanda hatiminsa bai dace da abin da ke cikinsa ba, ya tsallake. Cikin waɗanda suka dace, ya ɗauki mai sabuwar lamba. Yanzu ka maido daren Bukuru a ranka. Wuta ta tafi ana tsakiyar rubuta layi mai lamba 501. Rabinsa sabo, rabinsa tsohon abin da ya kwana a gurbin, hatimi bai dace ba, an watsar da shi. Layi mai lamba 500 yana gefe ba wanda ya taɓa shi, 375 tana ciki lafiya. Abin da aka rasa bai wuce lissafin 'yan mintuna ba.

Ka kula da wani tarko a nan. `lamba` tana ƙarewa a 65,535 ta koma sifili, kuma idan kana ajiyewa kowane minti biyar za ta kai can cikin kwana 227. Ranar da ta zagayo, idan kana neman wadda ta fi girma kai tsaye, injin zai manne wa tsohon layi. Ka gwada su ta hanyar ɗebewa:

```c
if ((int16_t)(a.lamba - b.lamba) > 0) {
  /* a ne sabo */
}
```

Dubi kuma abin da zagayen ya yi wa gajiyar gurbi. Kowane layi sai an yi rubutu 128 kafin a dawo kansa. Ko ka ci gaba da ajiyewa kowane minti, kwana 69 ɗin nan sun zama shekara 24. Ni dai minti biyar nake so, domin ƙwai ba ya sanin bambancin minti biyar a cikin sati uku. Idan kuma mutum yana danna maɓallin ƙara zafi, kada ka ajiye a kowace dannawa. Ka jira ya ɗauke hannu kamar sakan biyar, sannan ka rubuta sau ɗaya.

Duk da hatimi, ban yarda injin ya gaskata duk abin da ya karanta ba. Injin ƙyanƙyasa ba shi da hurɗa da zafin da ya gaza digiri 35 ko ya haura 40. In ya karanta abin da ya fita daga nan, ko bai sami layi mai kyau ko ɗaya ba, kamar a sabon ayisi da duk cikinsa `0xFF` ne, to ya koma 37.5 da ka dasa a cikin manhajar, ya yi ƙara, ya rubuta a allo cewa a duba saiti. Da wannan shingen kaɗai yana nan, da ƙwan Hajiya sun tsira.

Saura maganar wutar kanta. Ba ta mutuwa tashi ɗaya, sauka take yi a hankali yayin da kafasita ke tsiyayewa, kuma lokacin da ake juyawa zuwa janareta takan yi ta rawa. ATmega328P da ke gudu a megahaz 16 yana buƙatar kusan bolt 3.8 kafin a amince da lissafinsa, amma allunan Uno da Nano suna zuwa da mai gadin ƙarancin wuta a saite a 2.7. Tsakanin nan biyu ayisin yana farke amma kamar mai maye, yana iya rubuta shirme a inda ba a aike shi ba, har a kan layinka mai kyau. Ka canja fiyus ɗin `BODLEVEL` zuwa 4.3 da furogirama, yadda da wuta ta sauka zai tsaya cak. Sai dai ka auna bolt biyar ɗinka da mita lokacin da rile ya kama. In tana faɗuwa kusa da 4.3, injin zai riƙa sake tashi ba dalili, kuma gyaran yana wajen wutar.

Na san kana sha'awar komawa STM32F103, to ka sani shi ba shi da EEPROM, filash kawai gare shi, kuma filash ya fi tsanani. Gogewa sau 10,000 aka tabbatar, kuma ba a goge bayit ɗaya, sai shafi sukutum, wanda a ƙaramin nan na C8 bayit 1,024 ne. Rubutu yana mayar da ɗaya sifili ne kawai, hanyar komawa ɗaya ita ce goge shafin. Don haka zagaye a shafi guda haɗari ne: ranar da ya cika ka goge shi, duk layukanka sun tafi tare, kuma gogewar tana ɗaukar milisakan 20 zuwa 40. Shafi biyu za ka ware. Ka cika na farko layi bayan layi. Da ya cika, ka rubuta sabon layi a na biyu, ka karanta shi ka tabbatar hatimi ya dace, sannan ka goge na farko. Wuta ta tafi a kowane mataki, akwai layi mai kyau a ɗayansu. A ESP32 kuwa `Preferences` yana yin irin wannan aikin da kansa, amma kowane saiti daban yake ajiye shi, don haka abubuwan da dole su tafi tare ka haɗa su a dunƙule ɗaya da `putBytes()`.

Kafin injin nan ya koma Bukuru, za mu gwada shi a kan bencin nan. Ka sa shi ya riƙa ajiyewa ba tsayawa, layi bayan layi, yadda duk lokacin da aka yanke wuta za a same shi a tsakiyar rubutu. Ka ɗauko wani allon da rile ya riƙa yanke masa wuta yana mayarwa a lokuta mabambanta, sau ɗari biyar, kuma a kowane tashi ya turo `lamba` da `zafi` zuwa kwamfuta. Zafi ya tsaya a 375, lamba kuma kada ta koma baya. Gwajin zai ci wani abu daga rayuwar gurbin, saboda haka ka yi shi da ayisin da ya dafa ƙwan, sabon kuma ka ajiye wa Hajiya.