Guraben kati a cikin shafina ko shafin kamfanin karɓar kuɗi?

Tambaya: Malam, ina sayar da kaya ta intanet. Yanzu idan mutum ya zo biya, ana tura shi shafin kamfanin da ke karɓar mana kuɗi. Mai gina mini shafi ya ce wannan tsohon yayi ne, zai sa mini guraben kati a cikin shafina, kuma babu matsala tunda ba ma ajiye lambar kowa kuma muna da kwaɗon https. Ni dai hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Hajiya, gara da hankalinki bai kwanta ba. Tambaya ɗaya ce ke raba gardamar nan: lokacin da mai saye yake danna lambobin katinsa, shafin wane ne yake jin su? Idan an tura shi shafin kamfanin, lambar ba ta ratsa wajenki ko kaɗan, saƙo kawai ake dawo miki da shi cewa an biya. Idan kuwa mai gininki ne ya rubuta guraben da hannunsa, to lambar katin da lambobi ukun nan na baya duk a gidanki aka rubuta su, ko da daga baya an miƙa su ga kamfanin.

Maganar nan ta "ai ba ma ajiyewa" na gaji da jin ta. Ɓarawon kati na zamanin nan ba ya jiran a ajiye. Yana kama lambar ne a daidai lokacin da yatsa ke danna ta. Duk wani rubutun JavaScript, wato umarnin da ke aiki a cikin burauzar mai saye, da shafinki ya ɗauko, na talla ne, na ƙidayar maziyarta, ko na akwatin hira da kwastoma, yana iya karanta abin da ke cikin gurbin da ke shafin. Ɗaya daga cikinsu ya gurɓata, shi ke nan. Kwaɗon kuma hanya kawai yake tsarewa tsakanin wayar mai saye da inda saƙon zai je. Bai san ko ɓarawo yana zaune a cikin shafin ba.

Haka aka yi wa British Airways a 2018. Masu kutse suka ƙara layuka 22 a wani fayil na JavaScript, daga 21 ga Agusta zuwa 5 ga Satumba bayanan masu biya suna zarcewa wani adireshi mai suna baways.com, wanda shi ma yana da nasa kwaɗon. Ciniki bai tsaya ba, kowa ya samu tikitinsa, shi ya sa aka daɗe ba a farga ba. A Oktoba 2020 hukumar kare bayanai ta Birtaniya ta ci kamfanin tarar fam miliyan 20. To, kamfani mai ma'aikatan tsaro ke nan, balle mai shafi da yaro ɗaya ke kula masa da shi a ƙarshen mako.

Ƙa'idar PCI DSS, wato sharuɗɗan tsare bayanan kati da kamfanonin kati suka gindaya wa masu karɓar kuɗi da kati, ita ma a nan ta raba masu ciniki kashi-kashi. Wanda ke tura masu saye shafin kamfani yawanci takardar tambayoyin tantance kai mai suna SAQ A yake cikewa, mafi gajarta ga masu ciniki ta intanet. Wanda shafinsa ya ƙirƙiro guraben amma lambar ta wuce kai tsaye ga kamfani, SAQ A-EP ce tasa. Idan lambar ta taɓa sabarki, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafinki, ko na daƙiƙa ɗaya, kin faɗa SAQ D, mai tambayoyi ɗaruruwa. Masu cewa "ba matsala" ba su ne za su sa hannu a takardar ba, ke ce.

Akwai hanya ta tsakiya, kuma wataƙila ita yake nufi. Kamfanin yakan ba da gurabe a cikin `iframe`, wato taga a bangon shafinki da ke leƙa shafinsu. A ido kamar naki ne, amma burauza ba ta barin rubutun shafinki ya karanta abin da ke ciki, domin adireshin ya bambanta. Ki buɗe shafin a kwamfuta, ki danna maɓallin dama a kan gurbin lambar kati, ki zaɓi Inspect. Idan gurbin yana cikin `iframe` mai adireshin kamfanin, madalla. Idan `input` ne tsirara a shafinki, ki ce masa a'a.

Ko tagar ma ba laya ba ce. Wanda ya shiga shafinki zai iya ɗora gurbin bogi a kanta, ko ya sauya inda maɓallin biya yake kai mutane, don haka shafin da ke ɗauke da maɓallin yana buƙatar sabuntawa da rage tarkacen rubutun waje. Kuma kada ki saki kaya don kawai mai saye ya dawo shafin "an biya", domin kowa na iya buga wannan adireshin da hannu. Sabarki ta tambayi kamfanin da lambar cinikin, ta tabbatar adadin kuɗin ya yi daidai da na odar, sannan a ɗaure kaya.