Na sayi gidan burodi a Gusau, ina so in cire sunan tsohon mai shi

"Assalamu alaikum. Wata biyu ke nan da na sayi gidan burodi a Tudun Wadan Gusau daga hannun wani dattijo da ya shekara 18 yana sana'ar. Sunansa ne a allo da kan leda. Muna gasa kamar guda 1,000 a rana, akasari masu shayi da masu kanti ke ɗauka, kuma akwai ragowar leda 45,000 a sito. Ina so in sa nawa sunan, amma ina tsoron masu saye su watse. Yaya zan yi?"

Wa'alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sanya albarka a ciniki.

Kafin ka kira mai fenti, ka yi sammako gobe ka je teburin mai shayi ɗaya cikin masu karɓar kayanka, ka zauna ka kasa kunne. Da wuya ka ji wani ya faɗi sunan da ke rubuce a allonka. Abin da za ka ji shi ne "ba ni mai jan leda," ko "yanko mini na Alhaji." Mai shan shayi da asuba ba karatu yake yi ba, launi yake gani, sai ya matsa burodin da yatsa ya ji laushinsa. Saboda haka abin da ka saya da kuɗinka ya fi sunan nan yawa: akwai launin leda, akwai ɗanɗano da nauyi, akwai yaron da ke kai kaya a babur kafin gari ya waye, akwai kuma ɗaga ƙafar da dattijon yake yi wa mai shayi ya karɓa da safe ya biya da dare. Suna ne mafi sauƙin canzawa a cikinsu, muddin ka bar sauran yadda suke.

Na taɓa ganin wanda ya yi akasin haka. Ya sayi gida irin naka, cikin mako guda ya sake suna, ya mayar da leda daga ja zuwa shuɗiya, ya kuma sallami yaran da ke rarraba kaya ya kawo 'yan uwansa. Burodin bai canza ko kaɗan ba, kwaɓi ɗaya, tanda ɗaya. Amma ina tsaye wani mai shayi ya ɗaga ledar, ya juya ta, ya miƙa wa sabon yaron abinsa ya ce shi ba ya sayen jabu. Yaron bai san shi ba balle ya yi masa bayani, shi ma bai san yaron ba balle ya yarda.

To ga yadda zan so ka bi da ledarka. Guda 45,000 a kan 1,000 kullum kwana 45 ke nan, kuma kuɗi ne kwance a sito, ba dalilin zubar da su. Ka ci gaba da amfani da su, ka mayar da kwanakin nan lokacin shiri. Idan sun kusa ƙarewa, ka buga ta tsaka-tsaki wadda za ta kai ka kamar wata uku, wato guda 90,000: launi ɗaya, zane ɗaya, girma ɗaya, sai dai sabon suna a sama, a ƙarƙashinsa kuma a rubuta "wanda aka sani da" tsohon sunan, da baƙaƙen da ido zai gani daga nesa. In da hali a sa da ajami ma, don masu karanta shi suna da yawa cikin masu sayen kayanka. A bugu na uku sai tsohon suna ya fita, launi ya zauna. Ni da za ka bi tawa, launin nan ba za ka taɓa shi ba har abada.

Sai dai duk wannan ya rataya ne a kan abu guda: kana da izinin amfani da sunan dattijon? Mutane da yawa suna sayen tanda da injin kwaɓi da gini, su ɗauka suna ya biyo baya. Ba lallai ba. Ka koma wurinsa tun ana ga-maciji tsakaninku, wato tun zumunci na da ɗumi, a rubuta takarda gaban shaidu cewa ya yarda ka yi amfani da sunan har wata shida, kuma shi ko 'ya'yansa ba za su buɗe wani gidan burodi da wannan suna da wannan leda a Gusau ba har zuwa lokacin da kuka amince. Idan ba a rubuta ba, baɗi ɗansa na iya kafa tanda a Sabon Gari da sunan mahaifinsa, masu shayi su ce ai ga na asalin ya dawo. A takardar a fayyace bashi ma: wanda dilan fulawa da sukari ke bin gidan, da wanda gidan ke bin masu kanti, wa zai biya, wa zai karɓa. Mai bin bashi allo yake bi, duk wanda ya tarar a ciki shi zai riƙe.

Ta ɓangaren hukuma, ka fara bincika sabon sunan a hukumar rajistar kamfanoni, CAC, ka tabbatar an amince maka da shi kafin ka ba mai buga leda ko sisi. Lambar NAFDAC da ke kan tsohuwar leda kuma ba a ɗauke ta haka kawai a manna ƙarƙashin sabon suna. Ka je ofishinsu ka sanar da su canjin mai gida da na suna, su ba ka amincewa tukuna. Waɗannan kan ɗauki lokaci, shi ya sa na ce kwana 45 ɗin nan na shiri ne. Asusun banki da na'urar POS su ma su koma sabon suna, amma ka gaya wa mutane tun kafin ranar, don mai kanti da ya zo tura kuɗi ya ga baƙon suna a wayarsa fasawa zai yi.

Maganar sanarwa, ba na ganin kana bukatar tallar rediyo da farko. Ka buɗe littafin ciniki ka fitar da mutum 20 da suka fi ɗaukar kaya. Za ka iya tarar da rabin burodinka a hannunsu yake ƙarewa. Ka roƙi dattijon ya ba ka yini biyu ku zaga su tare, ya ce da bakinsa, "Wannan ƙanena ne, shi na bar wa gida, mai kwaɓin nan dai shi ne." Kalmarsa ɗaya ta fi allo goma. Na nesa, irin masu ɗauka zuwa Bunguɗu ko Tsafe, ya kira su a waya kana zaune.

Abin da nake jin tsoro a kanka shi ne farashin fulawa. Idan buhu ya tashi a daidai watan da sabuwar leda ta fito, kada ka rage nauyin burodi ko ka ƙara kuɗi a lokacin. Da a hannun dattijon aka ƙara, za a ce fulawa ce ta yi tsada. A hannunka kuwa cewa za a yi sabon mai gida ya ɓata burodi. Ko ka yi ƙarin tun ana kan tsohuwar leda, ko ka daure wata guda bayan canji.

Daga ranar da sabuwar leda ta fita, ka riƙa rubuta abu biyu kullum a gaban sunan kowane mai ɗauka: nawa ya karɓa, nawa ya dawo da shi kwantai. Wanda ya saba karɓar 40 ya koma 35 kwana biyu, ba komai, kasuwa ce. Amma in ya sauka 25 ya zauna a nan mako guda, wani gidan burodin ya samu wuri a teburinsa. Kada ka aika yaro, ka je da kanka bayan la'asar lokacin da ba cunkoso, ka sa ya haɗa maka shayi, ka tambaye shi me mutane ke cewa.