Motar kai kaya da bashin banki: ina kuɗin takarda a lissafinka?

"Malam, ina da shagon sari a babbar kasuwar Maraɗi, ina ba masu tireda kaya har Tasawa da Gidan Runji. Kuɗin hayar mota ya ishe ni. Na samu Hayis ta hannu a miliyan 7, ba a yi mata duwan ba. Ina da miliyan 4, banki zai ba ni 3 in biya cikin wata 24. Takardu kuwa ƙanena ya ce ya san mutane, a hankali za a yi su. In saya?"

Alhaji, motar nan ba miliyan 7 ba ce. Miliyan 7 kuɗin ƙarfe ne da tayoyi. Motar da ba ta da duwan, ba kart giriz, ba lamba, ba asirans, ba ta da bambanci da rumbu: kana iya zuba mata kaya amma ba za ta kai su Tasawa ba. Kai kuwa ka kwashe duk abin da ke hannunka ka zuba a ƙarfen, ka bar takarda ga "a hankali".

Banki bai san a hankali ba. Mu ɗauka ya sa maka kashi 12 cikin 100 a shekara. Miliyan 3 a wata 24 zai zo wajen jikka 141 kowane wata, ban da kuɗin buɗe dosiye. Lissafin yana fara gudu tun ranar da aka saki kuɗin, ko motar na bisa hanya ko tana ƙarƙashin dogon yaro. Wata biyu tana jiran takarda, jikka 282 sun fita, kuma har lokacin kana biyan hayar da ka gudu dominta.

Na ga wannan da idona wajen wani mai sarin taliya da man girki. Ya biya mota tas, ya kira 'yan uwa aka yi addu'a, washegari taranziter ya kawo masa lissafin duwan, ya haura miliyan ɗaya. Ba shi da su. Sai ya shiga karya farashin katan ɗin taliya don ya haɗa kuɗin. Da motar ta fito, shago ya rame, ba kayan da za a loda mata. Ƙarshe haya ya riƙa yi da ita yana ɗaukar kayan abokan gasarsa.

Saboda haka kafin ka sa hannu a komai, ɗauki takardun motar ka je wajen taranziter mai ofis, wanda za ka iya komawa ka same shi, ya rubuta maka kuɗin duwan. Ana lissafa shi ne bisa ƙimar da duwan suka ba motar, ba bisa abin da kuka yi ciniki da dillali ba. Ka ɗora masa kuɗin bizit teknik, kart giriz, lamba, binyet da asirans. Ka tambayi banki wane asirans yake so, don mai ba da bashi kan nemi wanda ya rufe motar kanta, shi kuwa ya fi na nuna wa jandarma tsada nesa ba kusa ba. Ka kuma tsuguna da kanka ka duba lambar shasi da ke jikin ƙarfe, ka gwada ta da ta takarda harafi bayan harafi.

Zancen ƙanenka: ya raka ka, ya riƙe maka layi, Allah ya yi masa albarka. Amma kart giriz ta fito da sunanka, kowane rasit ya zo hannunka. In banki zai riƙe motar jingina, da ma sunan mai bashi zai nema a kai.

Da ni ne, sai in ware miliyan ɗaya da rabi daga cikin huɗun nan in ce ba na mota ba ne, na takarda ne da gyaran farko. Saura biyu da rabi. In ka nace sai wannan Hayis ɗin, bashi ya koma miliyan 4 da rabi, a wata 36 wajen jikka 150 a wata, ruwan kuma ya tashi daga kusan jikka 390 zuwa kusan 880. Ni ban so maka wannan ba. Gara ka nemi mota ta miliyan 5 da rabi, ko wadda an riga an yi mata duwan ko da ta ɗan fi tsada, ka kuma roƙi banki ya ɗaga maka biyan farko wata biyu.

Sannan buɗe littafinka ka ga nawa haya ta ci maka a wata shida da suka wuce. In abin da kake kashewa a wata bai kai kuɗin banki da mai da direba da gyara ba, ci gaba da hayarka zuwa baɗi.