Ayyuka sun taru, da wanne za a fara?

"Ina da shago a Kwari, ayyuka sun yi min yawa kuma kowanne kamar na gaggawa, da wanne zan fara?"

Ɗan'uwa rubuta su duka a takarda, kowanne ka ba shi maki biyu daga 1 zuwa 5, ɗaya na amfanin da zai kawo maka, ɗaya na wahalarsa, wato lokaci da kuɗin da zai ci, sai ka raba makin amfani da na wahala, wanda ya fi yawa da shi za ka fara. Misali kai wa kwastoma atamfar da ya riga ya biya kuɗinta tasha, amfani 4 wahala 1, ya tashi 4. Karɓo bashi a Sabon Gari amfani 5 wahala 2, ya tashi 2.5. Ƙirga kayan sito kuwa amfani 3 wahala 5, ko 1 bai kai ba, ya jira ranar da babu ciniki.

Amma fa abin da na lura, in hankali ya tashi komai 5 mutum yake ba shi, lissafin ya lalace. Aiki ɗaya tak ka ba 5, sauran ka auna su da shi, ka tambayi kanka in na bar wannan har jibi nawa zan yi asara? Wanda kuma yake da wa'adi na gaske, kamar kuɗin hayar shago, kada ma ka sa shi a lissafin, yi shi kafin ranar ta cika.